Amsar Tambaya: Yaya Zan Raba Wata Huɗu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, Daura. Bincikena na kammala karatu kan cinikin dabbobi ne a kasuwar Mai'adua. Mako 16 gare ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, fara lissafi daga ranar miƙa aiki, ka komo baya. Ware mako biyu na ƙarshe don gyara da ɗaurin littafi, uku don nazarin bayanai da rubutu.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne fili. Kasuwar Mai'adua ranar Lahadi take ci, don haka wata guda a wurinka kwana huɗu ne kacal. Dillali kuwa ba ya sauraron tambaya ana tsakiyar ciniki. In ka samu mutum 15 a yini ka gode Allah. Ba fili mako shida: Lahadin farko ka gai da shugabannin kasuwa, ka gwada tambayoyinka da Hausa kan mutum biyar, ka gyara masu ruɗarwa.

Saura mako biyar na bitar ayyukan magabata da babi uku na farko. Amma kada ka taka kasuwa sai malaminka ya sa hannu a takardar tambayoyin.