Amsoshin Tambayoyinku: Abin da Inshorar Lafiya Ba Ta Biya

Wata malama daga Galma Koudawatché, a jihar Tahoua, ta ce maigidanta yana biyan inshorar lafiya, amma da suka je Yamai neman maganin rashin haihuwa kamfanin ya ƙi biya. Shin zalunci ne?

Malama, Allah ya ba ku zuriya ɗayyiba. Yawancin takardun inshora suna da sashen abubuwan da aka keɓe, kuma neman haihuwa yana cikinsa. Sai dai akwai bambanci. Idan ƙarin mahaifa ke sa ki zubar jini, cire shi magani ne, kuma galibi ana biya. Amma dashen ɗan tayi ba ya shiga. Ki roƙi likita ya rubuta ainihin cutar da ya gani, ki nemi amincewar kamfani a rubuce kafin aiki.

Haka tiyatar ado take: gyaran fuska bayan ƙunar wuta yakan shiga, na kwalliya kuwa a'a. Raunin kokawa, dambe ko tseren babur ma akan keɓe shi. Ku sa a karanta muku wannan sashe da Hausa kafin ku sa hannu.