Amsar Tambaya: Takardar Neman Sauya Ƙidayar Sito

Wani mai kula da siton kayan masarufi a Sabon Gari, Zariya, ya tambayi yadda zai shawo kan shugabanninsa su daina rufe sito sau ɗaya a shekara domin ƙidaya, su koma ga ƙidayar zagaye, wato ƙirga wani ɓangare na kayan kowace rana har a zagaye sito duka.

Takardar da zai rubuta musu ta fara da kuɗi, domin shugabanni sun fi jin wannan yaren. Ta nuna cinikin da ake rasawa a kwanakin rufewa, da kuma yadda katan ɗin sabulun da ya ɓace tun farkon shekara ba ya fitowa fili sai bayan watanni, lokacin da takardar ɗaukar kayan zuwa Samaru ta riga ta yi ɓatan dabo.

Daga nan a raba kayan gida uku bisa darajarsu. Idan sito na da nau'i 600, ana iya ƙirga 60 masu tsada, irin su shinkafa da man girki, kowane wata, 180 duk wata uku, sauran 360 sau biyu a shekara. Jimilla ƙidaya 2,160 a shekara, wato nau'i 7 ko 8 kullum a kwanakin aiki 300.

Mai ƙirga kada ya ga adadin littafi kafin ya ƙirga, kuma a yi aikin da sassafe kafin motoci su fara lodi. Tun da mai binciken kuɗi yana iya nacewa a kan ƙidayar ƙarshen shekara, takardar ta nemi gwajin wata 6 kafin a soke tsohon tsarin.