Amsoshin Tambayoyinku: Wace Gonar Ce Ta Fi Girma?

Wani mai sauraro daga Bichi, Jihar Kano, ya tambayi yadda ake jera ɓangarorin lamba idan lambobinsu na ƙasa sun bambanta. Hanyar ita ce ninkawar gicciye, wato a ninka lambar saman kowane ɓangare da lambar ƙasan ɗayan. Idan gona ɗaya 2 bisa 3 ce ta eka, ɗayar kuma 3 bisa 5, sai a ce 2 sau 5, 10, sannan 3 sau 3, 9, don haka gonar farko ta fi girma, domin kowane sakamako yana komawa ga ɓangaren da ya ba da lambar sama. Idan ɓangarorin sun kai uku, bibbiyu ake gwada su.