Yadda Ake Sauya Sama Mai Duhun Toka da ta Faɗuwar Rana, a Gyara Hotonta a Ruwa da Gilashi

Tun daga 2020, da Photoshop ya samu Sky Replacement, sauya sama ya zama aikin minti ɗaya. Amma wannan umarni ba ya sauya hoton saman da ke cikin ruwa da gilashi. Ruwa da tagogi suna nan da launin tokarsu, kuma a nan ne hoto ke tona wa mai shi asiri. Mu ɗauki misali guda: gida mai hawa biyu, da wurin ninƙaya a gabansa da manyan tagogin gilashi, an ɗauke shi ranar da gajimare ya rufe gari.

1. Duba hoton tukuna

Idan akwai inuwa mai kaifi ta tsakar rana a ƙarƙashin bishiyoyi, bar shi, faɗuwar rana ba za ta zauna masa ba. Hasken gajimare ko na hazo, wanda ba shi da inuwa mai ƙarfi, shi ne ke karɓar wannan aiki.

2. Zaɓi sama

Ana sayar da tarin hotunan sama a kan 'yan daloli, ni dai ban ga amfaninsu ba. Hau bene da almuru, musamman bayan ruwan damina, ka ɗauki naka a RAW. Abin da nake nacewa a kai shi ne: bayan ka ɗauki yamma, juya ka ɗauki gabas da kudu da arewa a lokacin. Za ka ga dalili idan mun zo gilashi.

3. Sauya saman

Shiga Edit > Sky Replacement, ka ɗora naka. Gyara bakin rufi da ganyaye da Shift Edge da Fade Edge, ka sa Output To a kan New Layers. Wurin da ya fi haske a saman ya kasance ta ɓangaren da bangon gidan ya fi haske.

4. Ruwa

Kwafi leyar saman da Ctrl+J, ka fito da ita daga rukunin Sky Replacement, ka goge Layer Mask ɗinta. Danna Ctrl+T, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Flip Vertical.

A nan masu koyarwa da yawa ke ɓatar da mutane: sai su ce ka jera saman da ka kife da bakin ruwa. Kuskure ne. Gajimare yana da nisan gaske, don haka hotonsa yana kifewa ne daga layin da ƙasa da sama suka haɗu, wato daidai tsayin kyamara, ko da gidan ya tare shi. Don gano layin, bi layin rufi da na gindin bangon gefe. Inda za su haɗu can nesa, a nan yake. Ja Guide a wurin.

A ce tsayin hoton fizel 4000 ne, layin kuma yana 2200 daga sama. Akwai jan gajimare a 1400, wato 800 sama da layin. Hotonsa a ruwa dole ya faɗo 800 ƙasa da layin, a 3000. Da ka kife daga bakin ruwan da ke 2600, da ya sauka a 3800, kusan gindin hoton. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma ransa ba zai kwanta ba.

Yanzu sa leyar a Multiply. Inda ruwan ya yi fari-fari saboda tsohuwar sama zai ɗauki sabon launi, igiyoyin ruwan kuma ba za su ɓace ba. Yi baƙar Layer Mask, ka shafa farin burushi mai laushi a wuraren da tsohuwar sama ta bayyana kaɗai. Hoton gidan da na bishiyoyi a ruwa suna gaban sama, kada launi ya hau kansu.

Ƙarfin launin ba ɗaya ba ne ko'ina. Idan ka dubi ruwa tsaye daga sama, kusan kashi 2 cikin 100 na haske kawai yake mayarwa, shi ya sa kake ganin tayil ɗin ƙasa. Can nesa, inda kake kallonsa a kwance, sai ya zama tamkar madubi. Don haka ja Gradient a kan Layer Mask ɗin: launi ya yi ƙarfi a bakin nesa, ya dushe kusa da ƙafarka, shuɗin tayil ya fito. Kuma hoton cikin ruwa ya fi ainihin saman duhu. Idan ya fi shi haske, rage shi da Curves.

Sai motsi. Igiyar ruwa tana jan hoto ne daga sama zuwa ƙasa. Shiga Filter > Blur > Motion Blur, Angle 90, ka fara da Distance 30. Mizaninka shi ne hoton gidan da ke cikin ruwan: gwargwadon narkewarsa, gwargwadon narkewar gajimaren.

5. Gilashi

Shawarar da ta fi ba ni haushi ita ce a manna wannan faɗuwar ranar a cikin tagogi. Tagar da ke fuskantar kyamara tana nuna abin da ke bayan mai ɗaukar hoto ne. Idan rana tana faɗuwa a bayan gidan, kai kana kallon yamma, tagogin gaba suna kallon gabas. Abin da za su nuna shi ne shuɗi mai duhu da ɗan ruwan hoda, babu rana ko kaɗan. Ga amfanin hoton gabas da ka ɗauka. Tagogin bangon gefe, waɗanda kake gani a karkace, su ne ke kama ruwan lemo na yamma.

Zaɓi kowane gilashi da Pen Tool, ban da firam da ƙarfen kariya. Ɗora hoton gabas, ka yi masa Flip Horizontal. Ba a kife shi ƙasa kamar na ruwa. Gilashin da ya yi fari da tsohuwar sama yana son Multiply. Wanda ya yi duhu, ana hango labule ta cikinsa, yana son Screen da Opacity kaɗan, domin gilashi fili kusan kashi 8 cikin 100 yake mayarwa idan an dube shi kai tsaye. Gilashi mai rini irin mai ɗaukar ido, wanda ya cika sababbin gine-gine, yana ɗaukar fiye da haka.

Tagogin bene suna nuna sama. Na ƙasa galibi katanga da bishiyoyi da motoci suke nunawa. Bar musu abinsu, ka ɗumama launin kawai. Ka ɗan goce hoton a kowane gilashi da fizel kaɗan, domin ba a taɓa kafa gilasai daidai wa daida ba, gajimare ba ya ratsa su a miƙe. Gilashin baranda da ake ganin sama ta cikinsa kuwa, ainihin saman yamma zai nuna, da ɗan duhu.

6. Sauran hoton

Da Curves, rage hasken bangon gaba, tunda rana tana bayansa, ka ƙara ɗumi a bakin rufi da bangon gefe. Kada ka rina komai da ruwan lemo. Wuraren inuwa da almuru suna karkata ne ga shuɗi.

7. Dubawa

Zuƙo zuwa 100% ka bi ganyaye da wayoyin lantarki, ka nemi farin zobe na tsohuwar sama. Sannan ka ƙanƙanta hoton, ka auna gajimare biyu da hotunansu daga layin Guide. Duba rufin mota da jiƙaƙƙen daɓe, su ma suna riƙe da toka. Ajiye PSD da leyoyinsa, domin mai gida yakan dawo ya ce jan ya yi yawa. Idan hoton na labarai ne ko na shaida, ba a sauya masa sama ko kaɗan.