Takardar da ke da mai tsaya mata

Saura minti goma sha biyu a karanta labarai, wasiƙu kuma na jibge gaban mai gabatar da shirin a wani gidan rediyo na Birnin Kebbi. Ya zaro ta wani matashi daga Argungu. Yaron ya koyi wayarin wurin ubangidansa, ya tara ɗan kuɗi, yana tambaya: difilomar kwamfuta ta wata uku zai biya, ko me?

Mai gabatarwa ya ja dogon numfashi, don tambayar difilomar nan ba ta fashin mako. "Ƙanena," in ji shi, "kafin ka biya ko sisi, ka tambayi wa ya sa hannu a takardar." Takardar da shagon kwamfuta ya buga da kansa, a cewarsa, iyakarta shaidar ka zauna a aji. Koyon yana da amfani, amma babu wata hukumar da mai ɗaukar ma'aikata zai tuntuɓa ta tabbatar masa.

Daga nan ya saki jiki, don abin ya zo inda yake so. Mai sana'ar hannu, kamar yadda wani malamin Kwalejin Waziri Umaru ya taɓa yi masa bayani, hanya biyu ce gabansa. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake farawa daga mataki na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya. Shi wannan yana shaida cewa hannunka ya iya aikin. Akwai kuma jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Wanda ba ya makaranta yana zama ta Nuwamba da Disamba, kuma in ya ci darussan da ake nema, har da Turanci da lissafi, takardar tana iya kai shi kwalejin kimiyya da fasaha.

Ya ɗan ratse zuwa kamfanin shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Wurin da injina ke juyawa, in ji shi, ba ya rabuwa da buƙatar mai gyaran wuta. Hukuncinsa ga yaron: gwajin sana'a tukuna, NABTEB in yana da burin ƙaro karatu, kwamfuta ta jira.

Wata malama mai digiri a kimiyya ta tambayi abin da zai sa a ɗauke ta koyarwa. "Difilomar koyarwa ta bayan digiri, Malama, sannan rajistar TRCN."

Wani kuma ya ce an yi masa tayin takardar gwajin sana'a ba tare da gwaji ba. Muryar mai gabatarwa ta canja. "Haba Malam! Ranar da aka miƙa maka waya da filaya fa? Ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago da ƙafarka, ka biya, ka karɓi rasit, ka zauna gwajin."