Me Ya Sa Zuciyar Yaro Ta Fi Ta Babba Saurin Bugawa?

A darasin kimiyyar halittu an koya muku cewa zuciyar mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kuma galibinku kun haddace 72 saboda jarrabawa. Wannan lissafi daidai ne, amma na baligi ne wanda yake zaune yana hutawa. Idan ɗayanku ya koma gida hutu ya ɗora hannu a ƙirjin ƙaninsa ɗan wata uku, ya ƙirga ya sami 140, kada ya tayar wa mutanen gida da hankali. Jaririn lafiyarsa lau. Abin da ya kamata ya tsorata shi shi ne ya ƙirga ya sami 72 ɗin nan da ya haddace, domin a jikin jariri mai wata uku wannan alama ce ta hatsari. Saboda haka lambar bugun zuciya ba ta gaya mana kome sai mun san shekarun mai zuciyar.

Tun yaro yana ciki zuciyarsa take sauri. Ungozomar da ke awon ciki a asibitin St. Luke na Wusasa, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda yawancin sassansa suka tashi daga nan Tudun Wada suka koma Shika a 2005, idan ta kafa abin saurare a cikin mai juna biyu, abin da take so ta ji shi ne bugu 110 zuwa 160 a minti. Bayan haihuwa, har yaro ya cika shekara ɗaya, iyakar da ake koya wa ma'aikatan jinya ke nan, wato 110 zuwa 160 idan yana farke kuma ba kuka yake yi ba. Daga shekara 1 zuwa 2 sai ta sauka kaɗan, ta koma 100 zuwa 150. Daga shekara 2 zuwa 5 akan sami 95 zuwa 140. Yaran firamare, masu shekara 5 zuwa 12, nasu 80 zuwa 120 ne. Daga shekara 12 zuwa sama, wato ku ke nan, an shiga layin manya, 60 zuwa 100. Littattafan likitoci sukan ɗan saɓa da juna a kan waɗannan iyakoki, wani ya ƙara goma wani ya rage, don haka kada ku ɗauka cewa yaron da ya wuce iyaka da bugu biyu ko uku ya kamu da ciwo. Abin da duk suka yarda da shi shi ne bugun yana raguwa yayin da yaro yake girma.

Akwai wani ɗan abin mamaki a farkon rayuwa. A 2011 wasu masana na Jami'ar Oxford suka tattara awon yara fiye da 140,000 suka buga sakamakon a mujallar Lancet. Sun ga cewa matsakaicin bugun jariri ranar haihuwa 127 ne, sai ya hau zuwa 145 lokacin da ya kai wata ɗaya, daga nan ne yake fara sauka, har ya kai 113 a shekara biyu. Wato ɗan wata ɗaya ya fi ɗan kwana ɗaya saurin zuciya.

To, mene ne dalili? Ku tuna da aikin zuciya: famfo ce mai tura jini ya kai wa sassan jiki abinci da iskar oksijin. Yawan jinin da take turawa a minti ɗaya ya dogara ga abu biyu, wato yawan jinin da take fitarwa a bugu guda, da kuma yawan bugun. Wanda aka ba shi guga ya cika randa zai yi sawu kaɗan ya gama. Wanda aka ba moɗa kuwa, in yana so ya gama a kan lokaci, dole ya yi ta kai da kawowa da gudu. Zuciyar baligi tana da nauyin giram 300 ko kusa da haka, tana fitar da jini kamar mililita 70 a kowane bugu. Ta jariri sabon haihuwa ba ta wuce giram 20 zuwa 25 ba, kuma abin da take fitarwa a bugu guda kamar mililita 5 ne, cikin ƙaramin cokalin shayi.

Nan wani ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa zai ce, ai Malam, randar jariri ma ƙarama ce, me zai sa ya yi gudu? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta sai da lissafi. Mu ɗauki mutum mai kilo 70. Zuciyarsa ta buga sau 70, kowane bugu mililita 70, an sami mililita 4,900 a minti, kusan lita biyar ke nan. Idan aka raba wa kilo 70, kowane kilo na jikinsa ya sami mililita 70. Yanzu mu ɗauki jariri mai kilo uku da rabi. Bugu 140 sau mililita 5 ya ba da mililita 700 a minti. Idan aka raba wa kilo uku da rabi, kowane kilo ya sami mililita 200. Kun ga kilo ɗaya na jikin jariri yana shan jini kusan ninki uku na abin da kilo ɗaya na jikin ubansa yake sha. Ashe randar ƙarama ce, amma ana ɗibar ruwanta da sauri ƙwarai.

Abin da yake cinye wannan jini shi ne girma da ɗumi. Jariri yakan ninka nauyinsa na haihuwa kafin ya kai wata shida, ya ninka shi sau uku a shekara ɗaya, ga ƙwaƙwalwarsa wadda take da girma idan aka gwada da jikinsa, tana kuma cin oksijin da yawa. Sa'an nan fatarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa, saboda haka zafin jikinsa yana saurin fita, kamar yadda kunu a ƙaramin kofi yake riga na tukunya hucewa. Dole jikin ya riƙa ƙona abinci babu tsayawa don ya maye gurbin wannan zafi, musamman a sanyin hunturun Zariya. Shi ya sa kowane kilo na jikin jariri yake bukatar oksijin kamar ninki biyu na baligi. Haka abin yake a dabbobi ma: zuciyar giwa tana bugawa kamar sau 30 a minti, ta ɓera kuwa ta kan wuce 500.

Dalili na ƙarshe yana cikin naman zuciyar kanta. Idan baligi ya tashi gudu, zuciyarsa tana ƙara sauri, tana kuma ƙara buɗewa ta cika sosai ta matse da ƙarfi, wato tana iya sake moɗa da babba. Naman zuciyar jariri bai gama ƙwari ba, ba ya miƙewa sosai, saboda haka kusan dabara ɗaya ce gare shi idan bukata ta ƙaru, ita ce ƙara sauri. Wannan ne ya sa raguwar bugu take da hatsari gare shi. A lissafinmu na ɗazu, idan bugun ya faɗo daga 140 zuwa 70, jinin da jiki yake samu ya ragu daga mililita 700 zuwa 350. Galibi ƙarancin oksijin ne yake kawo wannan, shi ya sa idan aka haifi jariri bugunsa bai kai 100 ba, ungozoma takan fara da taimaka masa ya yi numfashi. Yayin da yaro yake girma zuciyar tana ƙara girma da ƙarfi, jijiyar da take yi mata birki daga ƙwaƙwalwa ita ma tana ƙara tasiri, sai bugun ya yi ta sauka.

Ƙirgawa ba wuya, amma sai an kiyaye. A jikin yaro mai wayo, a ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Kada a yi da babban yatsa, domin shi ma yana da bugun kansa, sai mutum ya ƙirga nasa yana tsammani na yaro ne. A jikin jariri wuyan hannu ya yi ƙanƙanta, gara a taɓa cikin dantse, tsakanin gwiwar hannu da hammata, ko a ɗora tafin hannu a hagun ƙirji. A duba agogo a ƙirga na minti ɗaya cif. Wanda ya ƙirga na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, in ya yi kuskuren bugu uku kawai, ya yi kuskuren 12 ke nan. Kuma kada a ƙirga yaro yana kuka ko ya dawo daga wasa, a jira ya natsu. In yana barci za a ga bugun ya sauka ƙasa da na farke, wannan ba kome ba ne. Haka nan idan kun lura bugun yana ƙara sauri lokacin da yaro ya ja numfashi, ya lafa lokacin da ya sake shi, wannan ma halin zuciya mai lafiya ne, an fi jinsa a yara.

Mu gwada da misali. Mu ce yarinya ce mai shekara uku, cikin watan Agusta, lokacin da sauro ya yi yawa. Ran da take lafiya bugunta 110 ne. Yau jikinta ya yi zafi, ma'auni ya nuna digiri 39.5, an ƙirga bugu an sami 136. Ƙa'idar da ake bi ita ce, kowane digiri ɗaya na zazzaɓi yana ƙara bugu kamar 10. Zafinta ya ɗara 37 da digiri biyu da rabi, ƙarin 25 ke nan, sai mu sa ran 135. To 136 ya dace da zazzaɓin, babu wani abin da ya ɓoye a bayan lambar. Duk da haka a kai ta a gwada jininta a ran nan, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran gobe a yaro mai shekara uku.

Amma mu ce an ba ta farasitamol, bayan awa ɗaya zafi ya sauka zuwa 37.5, tana kwance shiru, aka sake ƙirgawa aka sami 155. Yanzu zazzaɓi ba zai iya bayyana wannan lamba ba, domin abin da muke sa rai shi ne 115 ko kusa. Zuciyar tana gudu ne don ta cike wani giɓi. Ko dai ruwan jiki ya ragu saboda amai da gudawa, ko jinin ya yi ƙaranci, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro da ciwon sikila suke jawowa, ko kuwa ƙwayoyin cuta sun shiga jini. A duba tafin hannunta da cikin fatar idonta, in sun yi fari fat jini ya ragu. A taɓa hannuwa da ƙafafu a ji ko sun yi sanyi. A danna farcenta na daƙiƙa uku har ya yi fari a sake shi, idan ja bai dawo ba cikin daƙiƙa uku, jini ba ya isa gaɓoɓi. Bugu mai sauri mara ƙarfi, da hannu mai sanyi, da farcen da yake jinkirin dawowa, waɗannan uku idan suka haɗu sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya neman mai na'urar awon hawan jini a unguwa, gama jikin yaro yana iya riƙe wannan awo daidai har sai abu ya yi nisa, bugun zuciya ne yake fara nuna matsala.

Ga masu kula da ƙannensu, lambobin da ma'aikatan jinya suke ɗauka a matsayin gargaɗi a yaro mai zazzaɓi su ne: fiye da 160 ga wanda bai kai shekara ɗaya ba, fiye da 150 ga mai shekara 1 zuwa 2, fiye da 140 ga mai shekara 2 zuwa 5. Idan kuwa bugun jariri ya wuce 220, ko na yaro ya wuce 180 alhali yana kwance babu zazzaɓi, sau da yawa matsalar tana cikin hanyoyin lantarkin zuciyar ne, kuma sai an yi masa awon zuciya da na'ura a asibiti kafin a gane irinta.